Sharhina kan kit ɗin NAND da na sayo wa ƙanena: ya yi aiki, amma littahinshi ya kusa ɓata muna cif

Sati ukku ke nan da kit ɗin nan ya iso mani nan Sakkwato, na yi odarshi ne saboda ƙanena da ke karatun lantarki ya dame ni da maganar wai da NAND kaɗai, wato get ɗin lojik da fitarshi ke faɗuwa 0 sai in duka shigarshi 1 ne, ana iya gina ko wane get, shi ya ji a aji amma bai taɓa gani da idonshi ba. Ni ko aikina gyaran rediyo da inbata ne, don haka na ce mu gwada a shago bayan la'asar in kasuwa ta lafa. Cikin kwalin akwai biredbod guda, cif biyar na CD4011, ƙananan fitilu, rizisto, maɓallai, wayoyi, kan batir mai bolt 9, da ɗan littahi.

Zan fara da abin da ya ɓata mani rai. Zanen da ke cikin littahin na 74HC00 ne, amma cif ɗin da anka zubo a kwali CD4011 ne. Duka biyun get huɗu na NAND ne cikin ƙafa 14, ƙafa ta 14 wuta ta 7 ƙasa, kuma get na farko iri ɗaya ne, 1 da 2 shiga 3 fita, shi ya sa mutum ba ya ganewa da wuri. Daga get na biyu ne labari ya canza. A 74HC00 ƙafa 4 da 5 shiga ne 6 fita, a CD4011 kuwa 5 da 6 ne shiga, 4 ce fita. Munka bi littahi munka haɗa ƙafa 3 da ƙafa 4, ashe fita biyu munka ɗaure wuri guda, ɗaya na jan sama ɗaya na jan ƙasa. Fitila ta riƙa yin dishi-dishi, ba ta kama ba ba ta mutu ba, ƙanena ya ce "yaya ko dai cif ɗin jabu ne", sai da na ɗora mita na ga bolt ya tsaya tsaka-tsaki sannan na duba lambar da ke bayan cif ɗin. Kuma da ma ace 74HC00 ɗin anka ba mu da sai abin ya fi muni, don ita iyakarta bolt 6, batir mai 9 da sunka ba da kai nai zai iya kashe ta. CD4011 tana ɗaukar 3 zuwa 15 lafiya lau.

Da munka gyara, wallahi abin ya burge ni. NOT get guda ne, ka haɗe ƙafafun shiga biyu wuri ɗaya. AND biyu ne, NAND sai ka juya fitarshi. OR ukku, ka juya A ka juya B sannan ka kai su NAND na ukku. Amma wanda ya fi tsaya mani a rai XOR ne, don shi ke cinye cif guda cif-cif, get huɗu ba ragi:

```
N1 = NAND(A, B)
N2 = NAND(A, N1)
N3 = NAND(B, N1)
Y  = NAND(N2, N3)
```

A kan CD4011 ga yadda munka ɗaura: A a ƙafa 1 da 6, B a ƙafa 2 da 9, ƙafa 3 ta tahi 5 da 8, ƙafa 4 ta tahi 12, ƙafa 10 ta tahi 13, fitila a ƙafa 11 da rizistonta. Ka danna A kaɗai, N1 na zama 1, N2 ya faɗi 0, shi ke nan Y ya tashi fitila ta kama. Ka danna duka biyu, N1 ya faɗi 0, ya tilasta N2 da N3 su zama 1, fitila ta mutu. Ƙanena ya danna maɓallan nan ya fi sau ashirin yana dariya.

To a nan ne nike ganin littahin ya bar yaro a rabin hanya. Ya nuna ana iya ginawa, bai faɗi nawa ake biya ba, kuma kuɗin wanga ciniki tiransista ne. NAND mai shiga biyu a CMOS tiransista 4 ne, PMOS biyu a sama kafaɗa da kafaɗa, NMOS biyu a ƙasa ɗaya bisa ɗaya, sai duka NMOS biyun sun kama suna barin wuta ta wuce sannan fita ke faɗuwa ƙasa. Sai na ce ya ɗauko takarda mu lissafa. NOT ɗin da munka yi da NAND 4 ya ci, alhali na asali 2 ne kacal. AND ya ci 8, na asali 6, wato NAND da ɗan majuyi mai 2. OR ya ci 12, na asali 6. Wanda ya fi ba shi mamaki NOR ne, da NAND get huɗu ne, tiransista 16, alhali in an gina shi kai tsaye 4 ne, daidai da NAND ɗin kanshi, kawai an juya tsarin, PMOS a jere NMOS kafaɗa da kafaɗa. Ninki huɗu ke nan a banza. XOR ɗinmu 16 ne, na kai tsaye 12 ne, akwai ma dabarar da ke sauko da shi 8 ko 6. Ga kuma jinkiri, sigina sai ya ratsa get ukku kafin ya kai fitila.

Sai ya tambaye ni to mi ya sa ake fifita NAND kan NOR tunda duka 4 ne. Dalili shi ne PMOS ya fi NMOS nawa, kamar ninki biyu zuwa ukku in girmansu ɗaya, to a NOR masu nawan ne anka jera ɗaya bisa ɗaya, dole a faɗaɗa su kafin su yi sauri, su ci wuri. A NAND masu saurin ne a jere. Adadi ɗaya, amma fili ba ɗaya ba.

Kar kuma wani ya ɗauka CD4011 ɗin hannunshi tiransista 16 ne a ciki. Namu mai B ne a ƙarshen lamba, irin wanga ana ƙara mishi matakan ƙarfafa fita a ko wane get, don haka ya wuce lissafin takarda. Da ni ne mai haɗa kit ɗin da na jefa CD4007 ko guda, wadda ke da PMOS ukku da NMOS ukku da ƙafafunsu a waje, yaro ya ɗaura NAND da tiransista huɗu da hannunshi ya ƙirga.

Abu guda da ya kamata ɗan Sakkwato ya kiyaye, musamman yanzu da hunturu, iska ta bushe ƙarau: kar ka bar ƙafar shiga tana lilo ba a ɗaure ba. Mun ga fitila na kamawa don kawai hannu ya matso kusa, sai da munka sa rizisto 10k daga ko wane maɓalli zuwa ƙasa, get ɗin da ba mu amfani da su kuma munka ɗaure ƙafafun shigarsu ƙasa. Littahin ko layi ɗaya bai yi kan wannan ba.

Biredbod ɗin na riƙe waya da kyau, cif biyar ɗin duk suna aiki har wadda munka wahalar. Zan ba shi ukku cikin biyar. Wanda zai saya ya fara karanta lambar bayan cif ya nemo zanen ƙafafunta kafin ya buɗe littahin. Mu dai gobe in Allah ya kai mu rabin mai tarawa za mu ɗaura, wato half adder mai tara bit biyu da XOR da AND, get biyar ne, don N1 ɗin XOR in ka juya shi ya ba ka AND, sai dai dole mu taɓa cif na biyu.