Rediyo ko kaset: wanne ya fi kai kiɗan gargajiya nesa da gida?

"Ina rubutu a kan yadda waƙoƙin Hausa suka bazu a ƙarnin da ya wuce. Tsakanin rediyo da kaset, wanne ya fi yin aikin, kuma a kan wanne zan tsaya?"

Malam, ka tsaya a kan kaset. Ba na musun abin da rediyo ya yi: tun da aka kafa gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna a 1962, kuma yana watsa shirye-shirye a gajeren zango, mutumin Maraɗi da na Kumasi suka san muryar Mamman Shata da ta Ɗan Maraya Jos ba tare da sun taɓa halartar wasansu ba. Sai dai rediyon na gwamnati ne, kuma yana da mai tsaron ƙofa. Mai shirya shiri ne ke zaɓen wanda za a ji, lokacin da aka ware ne ke yanke tsawon waƙa, zambo mai zafi ko waƙar da ta taɓa masu mulki kuwa da wuya su wuce. Suna rediyo ya yi wa mawaƙa ƙalilan, amma mai saurare bai mallaki komai ba, domin da zarar waƙa ta ƙare sai ya jira ranar da aka ga damar maimaita ta.

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma bai cika kasuwanninmu ba sai a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka sa rikoda mai batir ta shiga hannun malamin makaranta da direba da mai shayi. Abin da ya sauya shi ne rikoda tana ɗauka, ba ji kawai ake yi da ita ba. Faifan garmaho na da bai wuce kamar minti 3 a kowane gefe, alhali kaset C90 yana ɗaukar minti 45 a gefe guda, kuma waƙar Hausa ta dandali irin wannan filin take bukata.

Ina da wani C90 da na gada daga kawuna, wanda direban babbar mota ne. A wajen wani biki ya ajiye rikodarsa kusa da wani mai kukuma da ba a taɓa sa shi a rediyo ba. A ciki ana jin sanƙira yana shelar wanda ya yi kari, ana jin guɗar mata, ana jin yadda mawaƙin ke sauya baiti nan take idan wani mai hali ya shigo fili, 'yan amshi suna biye da shi. Kawu ya riƙa sa shi a mota, a tashoshi kuma masu shagon kaset suna roƙon ya ba su su kwafa, har watarana ya ji muryar mutumin nan tana tashi a wani shago a Zinder. Ta irin wannan hanya kiɗan 'yan dambe da na bori da amadar mata, irin ta Barmani Choge, suka ratsa garuruwa, daga hannu zuwa hannu. Abin da ke ci mini rai shi ne mafi yawan mawaƙan ba su ga ko kwabo daga waɗannan kwafe-kwafen ba. Ribarsu ita ce gayyatar biki da ta ƙaru.

Ka lura kuma cewa da yawa daga cikin kaset ɗin manyan mawaƙa daga rediyon aka ɗauke su, kuma kunne yana iya rarrabewa. Wanda aka ɗauka daga gajeren zango sautinsa yana dusashewa yana dawowa, sau da yawa kuma za ka ji an datse muryar mai gabatarwa a farko ko a ƙarshe. Na dandali yana da hayaniyar jama'a, kalangu kuma yakan danne muryar mawaƙi idan rikodar ta fi kusa da makaɗa.

Ka yi hattara da masu sayar da tsofaffin waƙoƙi, musamman waɗanda ke tura su a memori suna rantsuwa cewa asalin ɗauka ne. Duk kwafin kaset da aka yi daga kwafi yana ƙara shuuu, yana cinye kaifin kukuma da na kalangu, idan kuma robar injin da aka kwafa da shi ta saki, muryar takan sauya ta riƙa rawa, har ka ɗauki mawaƙi ɗaya a matsayin wani. Wasunsu da gangan suke liƙa sunan Shata ko Ɗanƙwairo a kan waƙar wani domin ta yi kuɗi. Kada ka biya sai ka saurari waƙoƙin gaba ɗaya, kuma ka kai wa dattijon da ya san muryar mawaƙin ya tabbatar maka kafin ka rubuta sunansa a aikinka.