Gem na dijital da na sa aka loda mini a PS4: ranar da kwaɗo ya fito

Wata biyun farko ba ni da abin cewa sai yabo. Wani shago a wajen hanyar Beirut a Kano ya loda mini gema-gemai a PS4 ɗina a kuɗin da bai kai na faifai ɗaya sabo ba. Ba sa faifai ba cirewa, ba fargabar yara su kankare shi. Har abokai na tura masa.

Ran nan da daddare an kawo wuta, na haɗa injin da intanet don a sabunta gem ɗin ƙwallo. Ina komawa allon farko sai ga ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa a kan kowane gem da mutumin ya loda. Na shiga Restore Licenses, wurin dawo da lasisin gem, na danna, ya gama juyawa, kwaɗo na nan daram. Abin haushin shi ne gem ɗin yana cikin injina, ya cinye mini wuri, amma ya ƙi buɗuwa. Faifan tsohon gem ɗin da na saya na hannu kuwa, ina sakawa ya tashi.

Da safe na je shagon, na tarar wani ne a ciki yana sayar da caja da rigar waya. Ya ce: "Yallaɓai, ai mai gem ya tashi tun watan jiya, kai ne na wajen nawa da ka zo." Layinsa kuma a kashe.

Ga yadda cinikin yake. Gem na dijital ba ya bin inji, asusun da ya biya kuɗi yake bi, abin da aka saya lasisin wasa ne kawai. Kowane asusu yana da PS4 ɗaya tak da zai iya naɗawa babban injinsa, ta wurin Activate as Your Primary PS4. A kan wannan injin kowa zai iya buga gem ɗin, ko babu intanet. Wannan gurbin mai shagon ya sayar mini, imel da kalmar sirri kuma suna hannunsa. Mai asusu yana iya shiga shafin asusun daga duk inda yake ya cire dukkan injinan da ke kai, sau ɗaya a wata shida. Injina bai samu labari ba sai ranar da ya hau intanet. Ko wani ya sake sayar wa gurbin, ko asusun aka rufe, ni dai sakamakon ɗaya ne.

Faifai shi kansa ne makulli. Ko da injin ya kwafi gem ɗin ciki, sai faifan na ciki zai tashi, shi ya sa za ka iya ara wa ƙaninka, ka yi musaya, ko ka sayar idan aljihu ya yi zafi. Lasisi ba ya sayuwa hannu na biyu.

To amma da zuciyata ta huce, sai na ga ba dijital ɗin ba ne ya cuce ni, asusun da ba nawa ba ne. Kantunan intanet na kamfanonin gem ɗin kansu sun sha rufewa: na Nintendo 3DS da Wii U a Maris 2023, na Xbox 360 a 29 ga Yuli 2024. Sayen sabo ne ya tsaya, wanda ya riga ya saya da asusunsa an bar shi ya sake saukewa. Sai dai wannan yana tafiya ne muddin kamfani bai kashe sabarsa ba. Kuma faifan ma ba tsira ba ne kullum. Gem ɗin tseren mota The Crew na Ubisoft, wanda ya fito a 2014, ba ya tashi sai da intanet. Da aka kashe sabarsa a ƙarshen Maris 2024, masu faifai da masu dijital duk tare suka rasa. Tun daga nan, kafin na sayi faifai sai na juya bayan kwalinsa na duba ko an rubuta dole sai da intanet.

Duk da haka idan na tuna kuɗina da datar da na ƙona wajen sabunta waɗannan gema-geman, raina sai ya sake ɓaci. Mutumin nan ya san asusun nasa ne, ko sau ɗaya bai ce mini haya nake yi ba, "na sayar maka" ya ce. Yanzu na buɗe asusu da imel ɗina, ina sa kuɗi da katin da ake saya, gem mai labari kuma faifansa nake nema. Abokan da na tura masa har yau suna kirana, ɗaya ma cewa ya yi ni zan biya shi.