Zana Tafiya A Katun: Mai Hannu Wofi Da Mai Buhu A Ka

Ku dubi ɗan dako a kasuwar Mile 12 da ke Legas, sa'ad da ya shiga hannu wofi da sa'ad da ya fito da buhun albasa. Zanen tafiyar shigarsa da na fitowarsa ba ɗaya ba ne.

Firam shi ne hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su ba da motsi. Mai hannu wofi, a firam 24 cikin daƙiƙa, taku guda na cin firam 12. A firam na 1 diddigen gaba ya taɓa ƙasa, yatsun ƙafar baya ba su tashi ba. A na 4 gwiwa ta lanƙwashe, jiki ya sauka. A na 7 ƙafar baya ta gifta wadda ke tsaye. A na 10 diddige ya ɗaga, kai ya kai ƙololuwa, sai sabon taku a na 13.

Mai buhu kuwa, ba shi firam 16. Takunsa gajere ne, ƙafafu a ɗan ware. Saukar jiki ita ce wurin aiki: a zurfafa ta, a bar shi ya daɗe a ƙasa, ƙugu ya karkata kan ƙafar da ta ɗauki nauyi. Wajen giftawa ƙafa na kusan jan ƙasa, tashin kuma kaɗan ne, da ƙyar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara firam kawai ba a taɓa zanen ba, sai mutumin ya fito kamar mai tafiya cikin ruwa. Ja layi a saman kai: in hawa da saukar duka biyun iri ɗaya ne, buhun bai yi nauyi ba tukuna.