Tambayar da ta fito rabi: a ƙarasa ta da ka, ko a tankaɗe zaɓuɓɓuka?

"Assalamu alaikum malamai. Ina shirin JAMB, kuma a tsofaffin tambayoyin da na yi hoto wasu layuka sun goge. An ce a kwamfuta ma zane kan ƙi fitowa. Idan haka ta faru ranar jarrabawa, wanne ya fi: in ƙarasa tambayar da kaina in amsa, ko in bi amsoshin ina cire waɗanda ba su dace ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin ki kama ko ɗaya daga cikin biyun, ki fara tabbatar da cewa tambayar ta ɓace da gaske. A kwamfuta sau da yawa ragowar tana ƙasa ko gefe, jawo shafin kawai ake bukata. Idan zane ne bai fito ba, danna N ki wuce, ki danna P ki dawo, wani lokaci sai ya bayyana. In ya ƙi, ɗaga hannu ki nuna wa mai sa ido. A jarrabawar takarda irin WAEC da NECO kuwa, ki nemi a canza miki takardar tambayoyin. Sai duk wannan ya ci tura ake komawa ga dabara.

Hanya ta farko, ƙarasa tambaya da ka, tana da sauri, kuma sauri ba ƙaramin abu ba ne a JAMB: tambayoyi 180 cikin awa 2, wato sakan 40 ga kowace. Aibinta shi ne ƙwaƙwalwa tana cike gurbi da abin da ta saba gani. Kin yi tsofaffin tambayoyi da yawa, farkon wannan ya yi kama da wata, sai ki ƙarasa ta yadda waccan ta ƙare. Mai shirya jarrabawa kuwa ya riga ya ajiye amsar waccan a cikin zaɓuɓɓukan, don haka za ki gan ta zaune tana jiranki, ki danna da kwanciyar hankali. Kuskuren wannan hanya ba ya yi wa mutum alama.

Hanya ta biyu tana cin lokaci kaɗan, amma tana tsaye a kan abin da idonki ya gani. Kowane zaɓi tambaya ɗaya za ki yi masa: akwai wata kalma da, in ita ce ta ɓace, wannan zai zama daidai? In babu, ya fita. In akwai, ya zauna tukuna, ko da ranki bai kwanta da shi ba.

Ga misali daga Fiziks. Abin da ya fito shi ne an haɗa resista biyu, 4 Ω da 6 Ω, ana neman jimillar turjiyarsu, amma zanen da ke nuna yadda aka haɗa su babu shi. Zaɓuɓɓukan: A. 1.5 Ω, B. 2.4 Ω, C. 10 Ω, D. 24 Ω.

Mai bin hanya ta farko zai ce ai tarawa ake yi, 4 da 6 sun ba da 10, ya danna C ya wuce. Mai bin ta biyu zai tuna cewa resista biyu haɗi biyu kawai suke da shi. In a jere suke, abin da takarda ke kira `series`, amsar 10 ce. In gefe da gefe suke, wato `parallel`, lissafin shi ne:

```
R = (4 × 6) / (4 + 6) = 24 / 10 = 2.4
```

Ko wanne zane ne ya ɓace, A da D ba su da hanyar zama daidai. 24 tarko ne ga wanda ya ninka ya manta bai raba ba, 1.5 kuma raba 6 da 4 ne kawai, babu wata ƙa'ida a bayansa. Saura B da C. Daga damar 1 cikin 4 kin koma 1 cikin 2, kuma kin san cewa canka kike yi, don haka za ki lura da lambar tambayar ki dawo mata in lokaci ya rage. Ki lura da wani abu: da a ce babu 10 a cikin zaɓuɓɓukan, da tambayar ta amsa kanta, B ce ba tare da kin ga zanen ba. Hanya ta farko ba ta taɓa ba ki irin wannan tabbaci.

A nan ne hanya ta farko ke da ɗan amfani, bayan an gama tankaɗe. Tsakanin B da C, ni zan karkata ga B, domin 24 da aka sa a D kuskure ne na mai lissafin gefe da gefe, alamar cewa shi mai tambayar ke auna. Karkata ce dai, ba hujja ba.

Akwai cirewar da ba ta bukatar ganin ƙarshen tambaya ko kaɗan. In ana neman yiwuwar aukuwar abu a Lissafi, duk lambar da ta haura 1 ko ta gaza 0 ta fita. In ana neman gudu, zaɓin da ma'auninsa ya zo da `m/s²` ya fita, don wannan na ƙaruwar gudu ne. In zaɓi biyu abu ɗaya suke faɗa, kamar 0.5 da 1/2, duka biyun sun fita, tunda amsa ɗaya ake so.

Inda hanya ta biyu ke tuntuɓe shi ne idan abin da ya yanke kalmar juya tambaya ce, `NOT` ko `EXCEPT`. `EXCEPT` a ƙarshen jimla take zama, daidai wurin da gefen takarda ko allo ke cinyewa. In ta ɓace, sai ki zauna kina cire amsar gaskiya da hannunki kina barin sauran. Alamarta ita ce ki ga zaɓi uku duk sun dace da guntun da kike gani. Tambaya mai amsa ɗaya ba ta da daidai uku, don haka wanda ya fita daban ake nema.

Amma kada ki mai da "na daban" doka. Ɗauki zaɓuɓɓukan Kimistiri: Li, Na, K, Ca. Ukun farko 'yan rukuni na 1 ne, Ca na rukuni na 2. In tambayar ta fara da cewa duk waɗannan kaza ne, sannan ta yanke, Ca ce. In kuwa guntun da ya fito yana da `most` ko `least`, gwada su ake yi da juna: wanda ya fi saurin ɗauki da ruwa K ne, mafi ƙarancin nauyi Li, Ca ba ta shigo ba. Zaɓuɓɓuka iri ɗaya, amsa uku, kuma kalmomin farkon tambayar ne suka raba gardama. Shi ya sa ko kalma uku ce ta fito, ki karanta ta sau biyu kafin ki sauka ƙasa.

A NECO zaɓi biyar ne, A zuwa E, saboda haka cire biyu 1 cikin 3 kawai yake kai ki, sai ki nemi na uku in zai samu. JAMB ba ta rage maki a kan amsar da ba daidai ba, don haka kada ki bar irin wannan tambaya babu komai: ki danna ɗaya daga cikin waɗanda suka rage tun a zagayen farko, ko da kina da niyyar dawowa. In kin kai minti ɗaya a kanta ba ki cire ko ɗaya ba, danna wanda ya samu, ki danna N.