Sharhi a kan yadin foliyesta: dalilin da ya sa yake manne wa jiki kuma yake riƙe wari

Yadin da wannan sharhi ya shafa shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira mai roba, wato foliyesta zalla, mai santsi da ɗan sheƙi, wanda na ɗinka riga da wando da shi domin zuwa aiki, na kuma yi ta sawa tun daga ƙarshen hunturu har damina ta yi nisa. Ta fuskar kuɗi da kyan gani ba ni da abin da zan kushe masa. Ya fi yadin auduga araha nesa ba kusa ba, bai koɗe ba, bai zuba a wanki ba, ba ya yamutsewa ko an wuni a zaune da shi, kuma idan aka shanya shi da safe, kafin hantsi ya bushe. Matsalarsa guda biyu ce, kuma su ne suka hana shi zama kayan sawa na kullum a wurina: yana sa jiki ya yi danƙo da zarar an fara gumi, sannan yana ajiye warin hammata ta yadda wanki na yau da kullum ba ya fitar da shi.

Danƙon shi ya fara bayyana, a bazara. Da an ɗan yi tafiya a rana sai in ji rigar ta lafe a gadon bayana da ƙirjina, akwai damshi mai ɗumi tsakaninta da fata, gumin kuma yana gangarowa ta ciki har zuwa ƙugu alhali daga waje yadin kamar a bushe yake. Idan na shiga ofis mai fanka, wannan damshin sai ya koma sanyi mai santsi da ba shi da daɗi ko kaɗan. Rigar auduga da nake sawa a irin wannan yanayi takan nuna shacin gumi a baya, abin da foliyesta ba ta cika yi ba, amma fata a ƙarƙashinta tana samun sauƙi na tsawon lokaci kafin ta jiƙe.

Asalin bambancin yana cikin zaren kansa. Foliyesta roba ce da ake samarwa daga sinadaran man fetur, irin wadda ake yin gorar ruwan sha da ita, kuma wasu masana biyu, John Rex Whinfield da James Tennant Dickson, su ne suka yi rajistar ƙirƙirarta a Ingila a shekarar 1941. Ana narka ta ne a tura ta cikin ƙananan huduji ta fito siririya, a miƙa ta, a saƙa. Zaren da ya fito ta wannan hanya ba ya shan ruwa zuwa cikinsa. Masana saƙa suna auna yawan damshin da zare ke ɗauka daga iska a ɗakin gwaji, inda ake tsayar da laimar iskar a kashi 65 cikin ɗari: foliyesta tana ɗaukar kimanin kashi 0.4 na nauyinta, auduga kimanin kashi 8, ulu kuwa yana kai kashi 15 ko fiye. Idan muka ɗauki riga mai nauyin giram 300, ta auduga za ta riƙe wajen giram 24 na ruwa a cikin zarenta ba tare da hannu ya ji ta jiƙe ba, kusan ƙaramin cokalin shayi biyar ke nan, yayin da ta foliyesta ba za ta wuce giram ɗaya da 'yan kai ba.

Wannan ɗan ruwa da ake ganin bai taka kara ya karya ba shi ne ke raba jin daɗi da takura. Jiki yana fitar da tururi kowane lokaci, tun kafin gumi ya tsattsafo a ido. Auduga tana zuƙe wannan tururi daga siririyar iskar da ke tsakanin fata da riga, ta saki shi a hankali ta waje, musamman a busasshiyar iskar bazara wadda ke barin zaren da sarari mai yawa na ɗaukar damshi. A ƙarƙashin foliyesta kuwa tururin ba shi da mafita sai ta ramukan saƙa, kuma yadin da na saya saƙarsa a matse take sosai, wanda shi ne ma sirrin sheƙinsa. Saboda haka iskar da ke jikin fata takan cika da laima nan da nan, gumi ya kasa bushewa, ya zama siririn ruwa da ke liƙa yadin a jiki. Gumin da bai bushe ba kuwa ba ya sanyaya mutum, sai jiki ya ƙara fitar da wani.

Maganar wari ita ce ta fi damuna, kuma ita ce ta fi buƙatar a fahimce ta, domin mutane da yawa suna ɗora laifin a kan tsaftar mai rigar, abin da a ganina rashin adalci ne. Abin da na lura da shi shi ne, rigar takan fito daga wanki da ƙamshin sabulu, ta bushe a rana, a shinshina hammatarta ba a ji komai ba. Amma da an ɗora dutsen guga a wurin, ko kuma an sa ta jiki ya ɗumama ta, sai wani tsami ya taso tun kafin mutum ya yi sabon gumi, duk da ya yi wanka ya shafa turare. Wannan ita ce alamar da ke nuna cewa warin a cikin yadin yake zaune.

Gumi shi kansa ba ya wari lokacin da ya fito. Mafi yawansa ruwa ne da gishiri, amma wanda ke fitowa daga hammata yana ɗauke da maiƙo da sinadaran furotin, ga kuma man da fata ke fitarwa a wuya da baya. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fatar kowane mutum su ke cin waɗannan abubuwa su mayar da su sinadarai masu tsami da ɗoyi. To, foliyesta da ke ƙin ruwa tana son mai ƙwarai. Duk wanda ya taɓa wanke robar abinci da aka zuba miyar manja a cikinta ya san halin: a cuɗa ta da sabulu, a ɗauraye, amma yatsa ya ci gaba da jin santsi, ƙamshin miyar kuma yana nan, alhali kwanon tangaran da aka wanke tare da ita ya fita fes. Haka man jiki da sinadaran warin ke manne wa zaren foliyesta. A wurin wanki, zaren auduga yakan sha ruwa ya kumbura, ruwan sabulu ya ratsa shi ya kwaso dauɗar, amma a kan foliyesta ruwan zamewa yake yi, don haka kowane wanki yana barin ragowar maiƙo, na gobe ya hau kan na yau. Zafin jiki ko na guga shi ke tayar da abin da ya taru.

Akwai kuma batun irin ƙwayoyin da ke yaɗuwa a kan yadin. A wani bincike da Chris Callewaert da abokan aikinsa suka wallafa daga Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam a shekarar 2014, an karɓi rigunan mutum 26 bayan sun yi atisayen tuƙa keke mai tsanani, aka ajiye su na awa 28, sannan aka ba waɗanda aka horar su shinshina. Rigunan foliyesta sun fi na auduga wari da tsami, kuma an tarar wata bakteriya mai suna Micrococcus ta yaɗu a kansu, alhali ba ta samu gindin zama a kan auduga ba. Wannan ya yi daidai da abin da na gani: ranar da na cire rigar da gumi na jefa ta a kwandon wanki ta kwana, warinta da safe ya ninka na lokacin da na cire ta.

Bai kamata a ɗauka cewa auduga ba ta da aibi ba. Idan gumi ya yi yawa har ta jiƙe sharkaf, takan yi nauyi, ta manne ita ma, ta daɗe ba ta bushe ba, kuma a damina idan ta kwana da damshi tana yin warin gumama. Haka nan ba kowace foliyesta ce ke danƙo irin na yadina ba, domin jesin 'yan ƙwallo an saƙa ta ne a sake, da ƙananan ramuka da zaren da ke jan gumi zuwa waje ya baje ya bushe. Sai dai saƙa tana magance danƙo ne kawai. Son maiƙo halin zaren ne, shi ya sa jesin ma take wari.

Na gwada hanyoyin wanki dabam-dabam, kuma wadda ta yi aiki ita ce wadda ta nufi maiƙon kai tsaye. Ina juya rigar ciki waje, in shafa sabulun ruwa na wanke-wanke kaɗan a hammata da wuya, in murza, in bar shi kamar minti goma sha biyar, sannan in jiƙa ta a ruwa mai ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa, da garin sabulu na kimanin rabin awa kafin in wanke in ɗauraye sosai. Ruwan sanyi da sabulun sanda ba su wadatar ba, musamman da ruwan rijiya mai gauri, wanda ke haɗuwa da sabulun ya bar wani datti a kan yadin. Ruwan ƙamshin nan da ake zubawa a ɗauraya don laushin kaya ya ƙara dagula lamarin, saboda shi ma wani shafi ne mai maiƙo da ke rufe zaren. Feshin turare kuwa haɗuwa yake da tsamin su ba da abin da ya fi na farko muni. Abu mafi muhimmanci shi ne a wanke rigar ranar da aka cire ta, ko aƙalla a rataye ta a iska ta bushe, kuma kada a yi mata guga idan ba a wanke ta ba. Ko da wannan kulawa, warin raguwa ya yi sosai, bai tafi gaba ɗaya ba. Singiletin auduga mai hannu da ke rufe hammata ta taimaka fiye da kowace dabarar wanki, tun da ita ke tare maiƙon kafin ya kai ga yadin, ko da yake a tsakiyar bazara ƙarin zafi ce.

Hukuncina shi ne yadin ya dace da sawa ta ɗan lokaci, kamar zuwa ɗaurin aure da safe ko fita a lokacin sanyi, bai dace da mai wuni a rana ko a kan babur ba, kuma ban ga hikimar ɗinka wa yara kayan makaranta da shi a garin da ake zafi ba. Ga mai saye, kalmar mai shago cewa yadi auduga ne ba ta isa hujja ba, domin akwai foliyesta da aka sarrafa har taɓinta ya yi kama da na auduga. A nemi ɗan ƙyalle daga gefe, a riƙe shi da almakashi a waje, nesa da sauran kaya, a kusantar da ashana. Auduga takan ci wuta da warin takardar da ta ƙone, ta bar toka mai laushi da ke murƙushewa a yatsa. Foliyesta takan janye daga wutar, ta narke da baƙin hayaƙi, ta bar dunƙule mai tauri wanda ba a taɓa shi sai ya huce. Idan aka samu toka da ɗan dunƙule tare, yadin gauraye ne, kuma gwargwadon yawan dunƙulen gwargwadon danƙo da warin da za a yi fama da su. Ya kamata a tambayi tela ma da wane yadi zai yi shafi da aljihu, domin sau da yawa rigar auduga ce daga waje amma abin da ke taɓa fata roba ne.