Saukar fari a Yamai: taksin haɗaka ko shata?

"Salamu alaikum ƴan uwa. Na samu gurbi a jami'ar Abdu Mumuni, zan taso daga Maraɗi sati mai zuwa, kuma ban taɓa zuwa Yamai ba. Gidan kawuna zan sauka a Harobanda, ina da akwati da buhu guda. Daga tashar mota, in shiga taksi irin na kowa da kowa ne, ko in ɗauki shata?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka a karatun. Da kaya irin naka, kuma a saukar fari, ni shata zan ce maka. Amma lokacin da motarku ta shiga gari yana iya canja amsar, shi ya sa zan baje maka su biyun.

Taksin Yamai, fari mai jan rufi da lamba a jikin ƙofa, ba ya aiki kamar kabu-kabun Maraɗi da kake hawa kai kaɗai ya kai ka har ƙofar gida. Mutum huɗu yake ɗauka, kowa da inda za shi. Kana tsaye bakin titi, direba ya rage gudu, ka faɗi sunan unguwa ta taga. In hanyarsa ce ya tsaya, in ba ita ba ce ya wuce bai ce maka uffan ba. Kuɗin kurs guda, wato gajeriyar tafiya ta mutum ɗaya, ya daɗe yana dala arba'in, sefa 200 ke nan, daga baya ya ɗaga, don haka kawu ne zai gaya maka farashin yau. Tafiya mai nisa kurs biyu ake lissafa ta, kuma taka mai nisa ce, tunda Harobanda tana ƙetaren kogin Kwara.

Arha dai, haɗaka ba ta da abokin gasa. Matsalarta ga baƙo ita ce ba ka da ma'aunin gane ko kana kan hanya. Direba zai karkata ya sauke wata a Babbar Kasuwa, ya ɗauki wani, ya sake lanƙwasa, duk halal ne a aikinsa, kai kuwa ba za ka bambance zagayen sana'a da zagayen mugunta ba. Ga kuma but ɗin mota da ake buɗewa duk sanda mai kaya ya sauka, kana zaune ciki ba ka ganin abin da aka cire. Sannan direbobi da yawa ba sa son ƙetare gada da fasinja ɗaya, sai ka tsaya da akwati da buhu motoci na wuce ka, kowa na ganin baƙo ne.

Shata ita ce ka sayi kujerun huɗu duka. Daga nan ma ake gane farashin gaskiya. A ce kurs dala hamsin ne, sefa 250. Kurs biyu ya zama 500, kujera huɗu ta kama 2000, jaka biyu ke nan. To in direba ya ce jaka biyar da rana tsaka, ka san ya ga baƙo ne. In ya ce biyu da rabi saboda buhu, bai yi nisa da gaskiya ba. Da dare farashi yana hawa, wannan ba cuta ba ce. A gama ciniki kafin kaya su shiga but, a faɗi adadin da sefa ƙarara, kuma a ce da kaya ne, har ƙofar gida. Ka tanadi canji tun daga Maraɗi, don takardar jaka goma da dare rigima take jawowa, kuma fito da ita yana nuna abin da ke aljihunka.

Abin da kake saye da wannan kuɗi ba sanyin kujera ba ne. A shata hanya ɗaya ce, saboda haka duk abin da ya kauce mata kana gani. Sharaɗinka na farko, ba wanda zai ƙara shiga. In direba ya tsaya ya ce ɗan uwansa ne zai rage wa hanya, ka ce a'a tun motar na wurin da ke da fitila da mutane, in ya nace ka sauka da kayanka. Haka in ka tarar da wani zaune a gaba tun farko, nemi wata motar. Na biyu, dole ku hau gada. Gadar Kenedi, wadda aka buɗe a 1970, ita ke sauke mutum kai tsaye cikin Harobanda, jami'a ma tana nan kusa. Akwai wasu gadoji biyu, direba yana iya bin ɗaya saboda cunkoso, amma in gidaje suka fara raguwa ba ka ga ruwa ba, kira kawu nan take, da murya a sama.

Wani abu da mutanenmu ke sakaci da shi, adireshi. A Yamai ba a cika kwatance da sunan titi ba, da alama ake yi: farmasi kaza, gidan mai kaza, makaranta, masallaci. "Harobanda" kawai bai isa ba, yanki ne babba. Ga yadda nake shirya wa yaranmu tafiyar. Tsakanin Maraɗi da Yamai kusan kilomita 660 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. In kun isa Doso saura kamar kilomita 140, wajen awa biyu. Nan za ka kira kawu ka gaya masa kamfanin da ka shigo, domin kowane kamfani da tasharsa, Rimbo daban, STM daban, ba wuri guda ake sauka ba. Ya turo maka alamar gidan a rubuce, kai kuma ka kwafe ta da lambarsa a takarda, don waya takan mutu a tafiyar yini guda. In kun sauka, karɓi kayanka da tikitin kaya, kada ka miƙa su ga wanda ya rugo ya kama hannun akwati. Tambayi mai gadin tasha direban da ya sani. Kafin ka shiga, karanta wa kawu lambar jikin ƙofa a gaban direban, sannan ka ba shi wayar su yi kwatance. Direbobi da dama suna jin Hausa, in kuma Zabarmanci ya fi masa sauƙi, kawu zai ji da shi. Jakar takardunka da katin ɗan ƙasa su zauna kan cinyarka, ba cikin but ba, da ma ana iya tambayar katin a shingen jami'an tsaro.

Yanzu maganar lokaci. In ka shiga motar asuba, kuma hanya ta yi kyau, da sauran rana za ka isa, shata ta wadatar. Haɗaka ka bar ta sai ka kwana biyu ka san sunayen unguwanni, lokacin ita za ka riƙa shiga kullum. In kuwa mota ta lalace a hanya kuka shigo dare ya raba, kuma kawu ba shi da halin zuwa ko turo wani, to kada ka shiga ko ɗaya. Tasoshin manyan kamfanoni suna da katanga da mai gadi da wurin zama, matafiyan asuba ma nan suke kwana. Shimfiɗa kusa da su, ka tada kai da jakarka, ka gaya wa kawu inda kake, in gari ya waye ka nemi mota. Kabu-kabu da akwati da buhu cikin dare, a garin da ba ka sani ba, wannan kam ban yarda maka ba ko da kyauta ne.

Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18, ka sa su a waya kafin ka baro gida. In ka sauka lafiya ka sanar da mu, ka kuma gaya mana nawa direban ya karɓa, don akwai wasu yaranmu da za su biyo bayanka.