Motar farko bayan bautar ƙasa: wacce ce ba za ta cinye maka albashi ba?

Ƙanina ya gama bautar ƙasa, ya samu ɗan aiki a Kano, ya zo mini da hoton Honda Accord ƙirar 2004, wadda ake kira EOD, tana ta sheƙi. Na tambaye shi: ranar da giyabos ya tsaya, wa zai biya? Ya yi shiru. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai sabon albashi ba kuɗin sayen mota kaɗai zai lissafa ba, sai ya haɗa da abin da za ta riƙa ci duk wata.

In aka tambaye ni, Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 nake fara ambata. Injinta lita 1.8 ne, ba ya zuƙar mai, kuma sarƙa ce ke riƙe masa taimin, don haka babu fargabar tsinkewar bel a tsakiyar hanya. Kayanta na nan birjik a Ƙofar Ruwa da Fantekar Kaduna, kuma da wuya ka shiga garin da babu bakaniken da ya san cikinta. Illarta ɗaya: kowa ya san darajarta, shi ya sa ko ta sha jiki dillalai ba sa sassautawa. Idan kuɗinka bai kai ba, duba Pontiac Vibe ta waɗannan shekarun. Suna ne kawai ya bambanta, inji da giya irin na Corolla ne, ga bayanta da wurin zuba kaya. Fitilu da kayan bodinta ne ke ɗan wahalar samu.

Accord ta fi su daɗin zama, ban musa ba. Sai dai mai silinda shida ta yi ƙaurin suna wajen ciwon giya, kuma ƙafar gabanta na son kulawa. Waɗanda kake gani a gefen titi taya ta karye ta shige ciki, yawanci boljoyin ne aka ƙyale har ya balle. Peugeot 406 kuwa, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna, tana da laushi a doguwar tafiya kuma takan zo da araha, amma tana son bakanike da mai waya da suka san ta, ba kowane gareji ba.

Duk da haka, lafiyar motar da ke gabanka ta fi sunanta muhimmanci. Mun je ganin wata Corolla da aka ce ta wata Hajiya ce, cefane kawai take zuwa da ita. Na dafa bonet na ji ɗumi, alamar an riga an tayar da ita kafin mu iso. Na ce za mu dawo gobe da sassafe, kada kowa ya taɓa ta. Washegari da aka murza makulli, sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya tashi daga salansa, wato injin na ƙona baƙin mai. Na kashe, na sake murza makullin ba tare da na tayar ba, ina kallon dashbod. A irin wannan lokacin dole fitilun gargaɗi su kama, har da na inji da na jakar iska, sannan su mutu bayan an tayar. Na injin bai kama ba sam, an cire masa ƙwai don a rufe laifi. Mita na nuna tafiya kaɗan, amma robar birki ta suɗe, sitiyari ya yi sulɓi. Muka yi musu sallama.

Akwai abin da zafin ƙasarmu ya haifar da ya kamata ka duba. Motar da ke yawan zafi, sai a cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a jona fanka kai tsaye. In ka ga fanka ta kama gudu da zarar an tayar da inji mai sanyi, alhali ba a kunna esi ba, ka tambayi dalili. Buɗe murfin baƙin mai: idan akwai wani abu kamar kindirmo a jikinsa, mai yiwuwa gaskit ya ƙone. Ɗaga kafet ka shinshina, tsatsa da warin danshi kan tona motar da ta sha ambaliya.

Takardu ne ke sa mutum kuka bayan an gama murna. Mota 'yar Kwatano da ba a biya mata kuɗin kwastan daidai ba, ana iya ƙwace ta a hanya. Lambar shasi, haruffa da lambobi 17, ta dace da abin da ke takarda, kuma ka je ofishin kwastan a tantance kafin ka biya. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a sauya sunan mallaka. Bakaniken da zai duba maka ya zama naka, domin wanda dillali ya kawo yana da kasonsa a la'ada.

Ƙanina dai Vibe ya saya. Na sa ya riƙe kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa, kuma a makon farko suka tafi kan tayoyi huɗu, batir, juyen baƙin mai da shokazoba biyu na gaba.